Bitar mako: zinare ya fi ƙarfin asusuna

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zafi, ya ɗawainiya? Ga bitar cinikin da na yi makon nan a kasuwar canjin kuɗi ta intanet, kamar yadda muka saba duk Asabar. Ta ɗan yi tsawo, sai ka yi haƙuri, domin akwai shawarar da nake son yankewa a kan cinikin zinare, kuma ba na so in yanke ta ba tare da ka duba lissafin ba.

Bari in fara da jimilla tukuna, don kada ka yi ta jiranta. Asusun yana kan dala 500 lokacin da kasuwa ta buɗe. Na yi ciniki huɗu, biyu sun yi riba, biyu sun faɗi, kuma abin da ya rage mini a sama bayan an rufe kasuwa daren Juma'a shi ne dala 2.90. Ko kuɗin datar da na ƙona bai mayar ba. Da uwargida ta tambaye ni yadda aka kwashe, ce mata na yi uwar kuɗi na nan lafiya, ta ce to ai shi ne babba.

Yau da safe na zauna kamar yadda ka koya mini. Na buɗe manhajar ciniki ta MetaTrader 5 a kwamfuta, na shiga `History`, na zaɓi kwanakin makon, na kwafe kowane ciniki cikin littafina: ranar shiga da sa'a, farashin shiga, inda na sa SL na tsayar da asara, inda na sa TP na ɗaukar riba, girman ciniki wato lot, da farashin fita. Daga nan na ɗauko hotunan allo. Kowane ciniki yana da hoto biyu, wanda na ɗauka kafin in shiga tare da layi ɗaya na dalilin shigar, da wanda na ɗauka bayan an fita. Na lura hoton farko shi ne mai hana ni yi wa kaina ƙarya, don ranar Asabar, bayan mutum ya riga ya ga inda farashi ya nufa, kowane dalili yana iya ƙagowa. Sai kuma na mayar da riba da faɗuwa zuwa R. Tunda kashi 1 cikin 100 nake yarda in rasa a kowane ciniki, R ɗaya a wurina dala 5 ce. Da wannan ma'auni makon ya tashi a kan riba ta wajen 0.6R.

Wani abu da ya daɗe yana rikita mini littafi sai a makon nan na gyara shi, wato agogo. Lokacin da ke fitowa a `History` na sabar dillali ne, ba namu na Najeriya ba. Sabar dillalina a wannan lokaci na shekara tana gaba da mu da awa biyu. Saboda haka na ƙara wani gida a littafin inda nake rubuta lokacinmu na nan. Za ka ga amfanin hakan idan na zo kan cinikin Laraba.

Litinin ban shiga komai ba. Na duba bayan sallar asuba, ban ga abin da ya cika sharuɗɗana ba, na rufe na tafi aiki.

Cinikin Talata shi ne irin wanda nake fata duk su zama, don haka ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. EURUSD ce, wato yuro da dala. A allon awa huɗu farashi yana ta hawa, ya karya wani tsohon rufi, na kuma sa ran zai dawo ya taɓa wurin kafin ya ci gaba. Na ajiye `Buy Limit`, odar saye mai jiran farashi ya sauko, a 1.0842 tun da asuba, SL a 1.0817, wato pip 25 idan aka ƙirga da lamba ta huɗu bayan ɗigo, TP kuma a 1.0892, pip 50. Girman lot na fitar da shi da lissafin nan naka:

```
lot = kasada / (SL * 10)
lot = 5 / (25 * 10) = 0.02
```

Goman nan ita ce darajar pip ɗaya a dala idan cikakken lot ne na EURUSD. Odar ta kama ina ofis, ban ma sani ba sai da na fito sallar azahar na leƙa waya. Ta kwana, ta kai TP ranar Laraba da rana. Dala 10, wato 2R. Abin da na rubuta a gefensa kawai shi ne: daga tsara shi zuwa fitarsa hannuna bai taɓa shi ba. Ga mai aikin ofis daga takwas zuwa huɗu, da oga a kansa, wannan shi ne cinikin da ya dace da rayuwarsa. Kasuwar Landan tana buɗewa ƙarfe takwas na safe agogonmu a yanzu, daidai lokacin da nake sa hannu a rajista. Ta New York kuma ƙarfe ɗaya na rana. Duk sa'o'in da kasuwa ke da rai, ni ina kan aikin mutane.

Na Laraba ne ya ci mini lokaci a bitar, kuma shi ne na fi ƙaruwa da shi.

Bayan na dawo gida da yamma na ga GBPUSD, wato fam da dala, ta hau ta daki 1.2773 sau biyu tana dawowa. Na shiga `Sell` a 1.2760 wajen ƙarfe shida, na sa SL a 1.2776, pip uku sama da wancan rufin, TP a 1.2728. Tazarar SL pip 16 ke nan, lot 0.03, kasadar dala 4.80. Na ci abinci, na yi isha'i, na duba sau ɗaya wajen tara na ga farashi yana ta jan ƙafa kusa da inda na shiga, na kwanta. Da asuba na tarar an fitar da ni a 1.2777, faɗuwar dala 5.10.

Faɗuwa ba baƙuwa ba ce. Abin da ya tsaya mini shi ne, da na duba allo, babu kyandir ko ɗaya a daren da ya wuce 1.2771. Na sauko allon minti ɗaya, na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu. Saura pip biyar cur farashi ya kai SL ɗina, amma ga shi an rufe. Ka san abin da ake faɗa a zaurukanmu na WhatsApp idan irin haka ta faru: dillali ne ke farautar SL ɗin mutane. Ni ma zuciyata ta fara raya mini haka, har na ɗauki hoton allon zan tura. Sai na tuna maganarka cewa kafin a zargi kowa a fara duba sa'ar da abin ya faru.

`History` ya nuna 00:02. A cire awa biyu, ƙarfe goma da minti biyu na dare ke nan agogonmu. Ƙarfe goman nan kuwa ita ce biyar na yamma a New York, lokacin da ranar ciniki take ƙarewa a shiga sabuwa. Bankunan Amurka sun tashi, na Tokyo ba su buɗe ba, masu saye da sayarwa sun yi ƙaranci, don haka ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa takan buɗe sosai na ɗan lokaci.

A nan ne na gane abin da na sani a baki amma ban taɓa sa shi cikin lissafi ba. Duk wanda ya taɓa canjin kuɗi a Wapa ya san ɗan canji farashi biyu gare shi, wanda yake saye da wanda yake sayarwa, kuma idan kasuwa ta yi duhu sai ya ƙara nisanta su. Haka `Bid` da `Ask` suke. Kyandirorin da muke kallo a allo da `Bid` ake zana su. Wanda ya shiga `Buy` da `Bid` zai fita, don haka abin da yake gani a allo shi ne abin da zai taɓa SL ɗinsa. Amma wanda ya shiga `Sell`, fitarsa saye ce, da `Ask` ake rufe masa, kuma `Ask` ba ya barin sawu a kyandir.

Don in tabbatar, na danna `Ctrl+U`, na zaɓi GBPUSD, na shiga `Ticks`, na nemi bayanan mintunan nan. Wurin yana jero kowane motsin farashi da `Bid` da `Ask` gefe da gefe. Ƙarfe tara da rabi ratar ba ta kai pip biyu ba. Goma na bugawa ta fara buɗewa, a 00:02 kuma ga `Bid` 1.2771, ga `Ask` 1.2777. Rata pip shida. Ba a fi minti ashirin ba ta koma yadda take. Ban tsaya nan ba, na nemo na daren Litinin da na Talata, lokacin da ba ni da komai a GBPUSD, na ga ratar ta buɗe a daidai wannan sa'a da kusan wannan girma. Wannan ne ya kashe maganar farauta a wurina. Da don ni aka yi, ba za a yi ta a daren da ba na ciki ba. Na cinikin Talata ma ya ratsa ta wannan sa'ar, sai dai farashi ya riga ya yi nisa da SL, shi ya sa ban ji komai ba.

Kada kuma in cika baki in ce an cuce ni 2R. Da safe farashi ya sauka har 1.2735 ya juya, bai kai TP ɗina ba. Da ina ciki, wataƙila da na fita da ɗan abu, wataƙila da ya dawo ya cinye. A littafi na rubuta faɗuwar 1R, na ajiye "da a ce" a gefe.

Gyara biyu na yi. Na danna `F8` na kunna `Show ask price line`, yanzu layuka biyu nake gani suna tafiya tare. Sannan na rubuta sabuwar ƙa'ida: duk `Sell` da zai kwana, sai SL ɗinsa ya yi nesa da rufin da aƙalla girman ratar dare, a rage lot daidai da haka. A wannan cinikin da SL ya koma wajen 1.2783, pip 23, lot 0.02. Idan hakan ya sa TP bai kai ninki biyu na SL ba, to cinikin bai cancanci kwana ba, ko dai a rufe kafin goma ko a bar shi. Ka duba mini ko ƙa'idar ta yi tsauri.

Yanzu ga zinare, wanda shi ne ainihin dalilin tsawon wasiƙar.

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da aka ɗan sami sarari a ofis, na ga XAUUSD, wato zinare, ta sauko ta tsaya a wurin da na shata tun Lahadi. Ƙasan da ta yi shi ne 2,321, ta fara juyowa, farashi yana 2,331. Wurin da ya dace SL ya zauna a fili yake, ƙasa da wancan ƙasan kaɗan, 2,319. Idan farashi ya kai can, tunanina ya rushe, babu gardama. Tazarar dala 12 ke nan.

To ga inda gizo ke saƙar. Cikakken lot na zinare oza 100 ne. Mafi ƙanƙantar abin da dillalina ke bari a shiga shi ne 0.01, wato oza ɗaya. Oza ɗaya kuwa, duk motsin dala ɗaya a farashi dala ɗaya ce a aljihuna. SL mai tazarar dala 12 yana nufin kasadar dala 12, kashi 2.4 cikin 100 na asusuna, kusan ninki biyu da rabi na abin da na yarda. A EURUSD idan SL ya yi nisa sai in sauko daga 0.03 zuwa 0.02 ko 0.01. A zinare tun farko a ƙasan tsani nake tsaye, babu matakin da zan sauka.

Hanya uku ce a gabana: in bar cinikin, in shiga da kasadar dala 12, ko in matso da SL har ya dace da dala 5. Ta ukun na bi, na sa shi a 2,326. A lokacin ji nake ina bin doka, tunda kasadar ba ta wuce kashi ɗaya ba. Cikin awa guda farashi ya gangaro 2,323, ya ɗauke ni, ya juya ya hau har 2,349 kafin magariba. Bai ko kusanci 2,319 ba.

Da na zo bita sai na tambayi kaina: 2,326 ɗin nan, me ke wurin? Ba ƙasan wani kyandir ba ne, ba tsohon rufi ba ne, ba komai ba ne a allo. Lamba ce da ta fito daga aljihuna, kasuwa ba ta san da ita ba. Na ɗora `Average True Range` mai 14 a allon awa ɗaya don in ga yawan kai-komon da zinare ke yi a awa guda a ranar. Ya nuna wajen dala 7. Wato SL ɗina na dala 5 bai kai ko motsin awa ɗaya na yau da kullum ba. Ko tunanina daidai ne ko kuskure, shawagin farashi kaɗai ya isa ya fitar da ni. Cinikin bai sami damar gwada tunanin ba ma.

Wannan ya sa na koma baya cikin littafin na ware duk cinikin zinare tun da muka fara wannan bita. Tara ne. Bakwai SL ya ɗauke su. Na bi hotunan farko na bakwai ɗin, inda nakan ja layi a wurin da SL ya kamata ya zauna kafin in yi lissafin lot. A guda biyar farashi bai taɓa kaiwa wannan layin ba kafin ya tafi inda na zata. A biyu ya kai ya wuce, waɗannan faɗuwa ce ta gaskiya, kowane SL na sa da sun faɗi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk waɗanda suka gabaci na Alhamis na ba su maki "an bi ƙa'ida" a bitocin baya, kai ma ka gani ka wuce, domin gidan da muke dubawa shi ne na kasada, kuma kullum dala 5 ce ko ƙasa. Littafin ba shi da gidan da ke tambayar ko SL yana inda allo ya nuna. Yau na ƙara shi: tazarar da allo ya nema, da tazarar da na sa. Idan suka bambanta, ba a bi ƙa'ida ba, ko da an ci riba.

Na san abin da za ka ce, tara ba adadi ba ne da za a gina hukunci a kai, kuma duba baya yana sa komai ya yi kama da abu mai sauƙi. Na yarda. Ba ina cewa na iya karanta zinare ba ne. Biyar ɗin nan da na ce, ban san nawa ne za su kai TP ba da an bar su, don TP ɗin ma da ya ƙara nisa tunda SL ya ƙara. Na Alhamis kansa misali ne: da SL na dala 12, ninki biyu yana 2,355, farashi kuwa a 2,349 ya tsaya. Amma hukuncin da nake son yankewa bai dogara da tara ɗin ba, lissafi ne tsagwaronsa. Idan tsarin da nake bi yana neman SL na dala 10 zuwa 15 a zinare, kuma oza ɗaya ce mafi ƙaranci, to kafin kasadar ta zama kashi ɗaya sai asusu ya kai dala 1,000 zuwa 1,500. Nawa 500 ne. Ko rabin hanya da ƙyar.

Na yi tunanin mafita biyu ban gamsu da su ba. Ta farko in ɗaga kasada zuwa kashi 2 ko 3 a zinare kaɗai. Faɗuwa biyar a jere, wadda ba abin mamaki ba ce a wannan harka, za ta cinye dala 60, kashi 12 cikin 100 na asusun, kuma na san kaina, bayan haka hannuna ba zai tsaya daidai ba. Ta biyu in sauko allon minti biyar inda SL na dala 4 ko 5 yake da ma'ana. Wannan yana buƙatar mutum ya zauna ya zuba wa allo ido a lokacin Landan ko New York, ni kuwa na faɗa maka inda nake a waɗannan sa'o'i. Ciniki a ɓoye ƙarƙashin tebur, ana kiran sunanka daga ofishin oga, ba ciniki ba ne, kuma ba adalci ba ne ga masu biyana albashi.

Akwai ta uku, asusun santi, inda ake nuna kuɗin a santi kuma lot ɗin ya ƙanƙance ƙwarai, ta yadda dala 5 za ta iya ɗaukar SL mai nisa. Wannan ita ce mai ma'ana a lissafi. Abin da ya tsayar da ni shi ne sai na tabbatar irin wannan asusun ma ba ya ɗaukar kuɗin kwana. Asusuna na yanzu gidan `Swap` sifili yake nunawa kullum, kuma a kan wannan sharaɗin na shiga harkar tun farko, don ba na son ruwa ya shiga mini ciki. Wasu dillalan idan sun cire kuɗin kwana sukan dawo da wani caji da wani suna bayan ciniki ya yi 'yan kwanaki a buɗe, don haka sai na karanta sharuɗɗan da kaina. Ita kanta maganar cinikin zinare ta allo, inda babu karɓa hannu da hannu, ka san malamai sun yi magana a kanta, kuma ka taɓa ce mini in je in tambaya da kaina kada in dogara da kai. Ban je ba tukuna. Ajiye zinaren zai ba ni sararin yin hakan ba tare da kuɗina na ciki yana ja mini ra'ayi ba.

Saboda haka abin da na tsayar, idan ba ka ga wata ɓaraka ba, shi ne daga Litinin na cire XAUUSD daga `Market Watch` gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Zan ci gaba da shata wuraren shiga da SL da TP a littafi ranar Lahadi ba tare da kuɗi ba, don in tara adadin da ya fi tara.

Saura na Juma'a. Da asuba na ajiye `Buy Limit` a EURUSD, SL pip 25, lot 0.02, kamar na Talata. Ya kama wajen tara. Amma Juma'ar farkon wata ce, ranar da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta saba fitar da rahoton ayyukan yi, wanda muke kira NFP. Ƙarfe takwas da rabi na safe suke sakinsa a can, wato ɗaya da rabi na rana a nan, daidai lokacin da liman yake kan mumbari a masallacin da nake zuwa. Ba zan shiga masallaci zuciyata na kan waya ba. Sha biyu da rabi, kafin in yi alwala, na rufe da ribar pip 15, dala 3, wato 0.6R.

Da na dawo na duba allon minti ɗaya. Kyandir ɗin ɗaya da rabi doguwa ce mai jela sama da ƙasa, ta ratsa wurin SL ɗina ta wuce. A irin wannan daƙiƙa SL ba alkawarin farashi ba ne, umarni ne kawai cewa a rufe a farashin farko da aka samu, kuma yana iya zama pip da yawa bayan inda aka sa shi. Don haka rufewar ta yi daidai, kuma da farashin ya tashi sama ya kai TP ma haka zan ce, tunda ƙa'idar tun kafin a ga sakamako aka rubuta ta.

Tambayata a nan ita ce ko ya dace in buɗe cinikin tun farko. Na san da rahoton tun Lahadi, yana cikin kalandata. Na shiga da kasadar R ɗaya cikakkiya, alhali awa uku da rabi kawai cinikin yake da su, kuma kafin irin wannan rahoto kasuwa takan yi sanyi tana jira. Pip 50 a wannan ɗan lokaci abu ne mai wuya. Ke nan na sa 1R don in nemi abin da da wuya ya wuce rabin R. Wannan yana da alaƙa da wani abu da na gani a jimillar littafin. Tsarina a takarda riba 2R ce faɗuwa 1R, wanda ke nufin ko ciniki ɗaya cikin uku na ci ban yi asara ba. Amma a aikace matsakaicin ribata 1.4R ce saboda irin wannan rufewa da wuri, matsakaicin faɗuwa kuma 1.05R saboda rata da zamewar farashi. Da waɗannan lambobi sai na ci wajen 43 cikin 100 kafin in tashi babu riba babu asara. Tazarar da ke tsakanin 33 da 43 ba ƙarama ba ce. Ina ganin in hana kaina buɗe sabon ciniki safiyar ranar NFP kwata-kwata, amma ina so in ji yadda kai kake yi, musamman da cinikin da ya kwano daga Laraba ko Alhamis yana cikin riba. Kana rufewa duka, ko kana rage rabi ka mayar da SL wurin shiga? Ni da lot 0.02 rabin yana yiwuwa, da 0.01 kuwa babu abin rabawa.

Na kuma rubuta a bangon littafin cewa idan Amurka ta mayar da agogonta baya a Lahadin farko ta Nuwamba, rahoton zai koma biyu da rabi, buɗewar ratar dare kuma ta koma sha ɗaya. Birtaniya tana riga su da mako guda, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Mu da agogonmu ba ya motsi, mu ne ke mantawa.

Shirin mako mai zuwa gajere ne: EURUSD da GBPUSD kawai, allon awa huɗu, oda a ajiye bayan asuba, dubawa da azahar da kuma bayan isha'i. Na haɗo maka hotuna takwas na cinikin makon, da hoton `Ticks` na daren Laraba, da shafin da na jera cinikin zinare tara. A shafin zinaren ka fi mayar da hankali kan na uku da na shida, don a su biyun ban tabbata layin da na ja a hoton farko yana wurin da kai za ka ja shi ba. Idan ka ce ba daidai yake ba, biyar ɗin nan ta koma uku.

In ka sami sarari gobe bayan la'asar zan kira ka. A gaida Hajiya da yara, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri.

Wassalam,
Ƙaninka.